Yadda ake saita manhajar albashi, da yadda ake gyara lissafin wata idan ya fita ba daidai ba

Wannan bayani na akanta ne ko mai kula da ma'aikata a wani kamfani a Maraɗi, mai mutum ashirin ko talatin, wanda ya gaji da lissafin albashi a takarda yana so ya maida aikin cikin manhaja. Zan yi misali da Odoo, domin ana iya ganin dokokinta na lissafi a fili, amma tsarin ɗaya ne a Sage ko wata manhajar. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, manhaja ba ta kuskuren ninkawa ko rabawa. Inda ake ɓata albashi wuri biyu ne: a kan wane kuɗi aka ɗora kaso, da kuma a wane wata aka ɗora shi. Duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Kafin ka taɓa kwamfuta

Ka tara takardu tukuna. Kana bukatar kwantiragin kowane ma'aikaci, da lambarsa ta CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa, da ranar da ya fara aiki, da takardun aure da na haihuwar ƴaƴa, saboda da su ake tabbatar da yawan iyalin da za a rage masa haraji dominsu. Ka nemi kuma dokar kasafin kuɗi ta shekarar da kake ciki, domin a nan ne gwamnati ke sauya jadawalin haraji. Lambobin da zan yi aiki da su a ƙasa na kundin haraji na 2012 ne, wanda aka daɗe ana lissafi da shi. Ka gwada su da na bana a ofishin haraji na jiha kafin ka shigar, in akwai bambanci na bana ne ke aiki.

Matakan albashi

Kada ka rubuta wa kowa albashinsa kai tsaye kamar yadda Alhaji ya faɗa da baki. Ka yi jadawalin matakai, kowane mataki da albashinsa na tushe. Misali kamfanin da ke matse man gyaɗa yana iya sa lebura da mai gadi a mataki na farko a kan sefa 45,000, direba a na uku a kan 90,000, mai kula da sito a na biyar a kan 160,000. Waɗannan lambobin misali ne kawai. Wanda ba misali ba shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, sefa 42,000 tun daga 1 ga Janairu 2024, da kuma mafi ƙarancin da aka ƙayyade wa kowane rukunin aiki a ƙarƙashin yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Matakinka yana iya wuce su, amma ba ya iya yin ƙasa da su.

Odoo ba ta zo da jadawalin matakai a shirye ba, wanda ya girka maka ita ne zai ƙara shi ya haɗa shi da kwantiragi. Ka matsa masa a kan abu ɗaya: kowane layi a jadawalin ya kasance da ranar fara aiki. Idan an ƙara wa mataki na biyar kuɗi a watan Yuli, ba a goge 160,000 a rubuta sabon kuɗi a kansa ba, sabon layi ake buɗewa daga 1 ga Yuli. Haka ma ƙarin girma: a rufe tsohon kwantiragi da ranarsa, a buɗe sabo. Amfanin wannan ba ya bayyana sai ranar da kake bukatar sake lissafa watan Maris kana cikin Agusta. In ka goge tsohon kuɗin, manhaja za ta lissafa Maris da albashin Agusta, kuma ba za ta yi maka ko tari ba.

Alawus: tambaya biyu ga kowane ɗaya

A nan ne ya kamata ka zauna ka daɗe. Kowane kuɗi da ake ba ma'aikaci bayan albashin tushe, ka yi masa tambaya biyu ka rubuta amsar a takarda, mai kamfani ya sa hannu: ana cire CNSS a kansa? Ana cire haraji a kansa?

Kuɗin daɗewa a aiki da kuɗin ɗaukar nauyin wani sashe, albashi ne da wani suna, amsarsu e ce a duka biyun. Kuɗin da ma'aikaci ya kashe daga aljihunsa a tafiyar aiki, ya je Damagaram ya kai kaya ya dawo da rasit na mai da masauki, wannan mayar masa da abinsa ake yi, ba albashi ba ne, amsarsa a'a ce. Kuɗin gida da na sufuri da abin da ake bayarwa ba tsabar kuɗi ba, kamar gida ko mota, kowane yana da hukuncinsa a kundin haraji, sai ka karanta sashensa ka rubuta amsar. Ina ganin kuskure ne babba a sa wa wani ɓangare na albashi suna kuɗin tafiya don a kauce wa haraji. Ranar da masu bincike suka zo, abin da za su fara tambaya shi ne rasit, kuma kafin su zo ɗin ma, ma'aikacin ne ke asara, tunda fanshonsa a kan abin da aka bayyana wa CNSS ake lissafa shi.

A cikin manhaja, amsoshin nan su ne ke zama rukuni. Albashin tushe yana shiga BASIC. Alawus ɗin da ake cire komai a kansa yana shiga ALW. Dokar GROSS tana haɗa su biyun. Ga kuɗin da ake mayarwa, ka buɗe sabon rukuni, ka kira shi REMB, wanda ba ya shiga GROSS. Sai ka tuna ka ƙara shi cikin dokar NET, wato abin da zai shiga hannun ma'aikaci, domin NET ɗin da manhaja ta zo da shi BASIC da ALW da DED, rukunin cire-cire, kaɗai yake tarawa, kuma in ka manta, kuɗin zai fito a takardar albashi amma ba zai isa hannun mai shi ba.

CNSS da haraji, da jerin da suke bi

Kowace doka tana da lambar jeri, kuma manhaja daga ƙarama take farawa. Jerin da ya dace shi ne tushe, alawus, GROSS, CNSS na ma'aikaci, kuɗin da za a ɗora wa haraji, harajin kansa, sauran cire-cire kamar bashin da ya karɓa kafin ƙarshen wata, sannan NET. CNSS dole ya riga haraji, saboda sai an cire shi ake samun abin da haraji zai hau.

Ma'aikaci yana biyan kashi 5.25 cikin ɗari na fansho. Kamfani yana biyan kashi 16.4, wato 6.25 na fansho, 8.4 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, sai kuma kashi 1 na hukumar samar da aiki ANPE. Kason CNSS yana tsayawa a kan sefa 500,000 a wata, don haka ko daraktan da ke ɗaukar miliyan ba a cire masa fiye da 26,250. Dokar, da lambar CNSS_SAL a rukunin DED, ga ta kamar yadda ake rubuta ta a Odoo 17:

```python
result = -round(min(categories['GROSS'], 500000) * 0.0525)
```

A tsofaffin fitowar manhajar `categories.GROSS` ake rubutawa. Alamar ragewa da ke gaba ba ado ba ce, NET tarawa yake yi, saboda haka duk abin cirewa sai ya zo da ita. Kason kamfani kuma rukuninsa daban ne, COMP, wanda ba ya taɓa NET.

Harajin albashi, ITS, yana bin matakai uku kafin a kai ga jadawali. A cire CNSS na ma'aikaci, a rage kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiyar aiki, sannan a rage na iyali: kashi 5 ga mai nauyin mutum ɗaya, 10 ga biyu, 12 ga uku, 13 ga huɗu, 14 ga biyar, 15 ga shida, 30 ga bakwai. A misalin nan, abin da ya rage ana sauke shi zuwa dubun da ke ƙasa. Ka ba wannan adadi dokarsa ta kansa, BASE_ITS, a rukunin da ba ya shiga NET, ya riƙa fitowa a takardar albashi. Ranar neman kuskure za ka gode wa kanka. Gurbin `x_charges` shi ne inda ake rubuta yawan iyali, daga 0 zuwa 7, kuma ba ya zuwa da manhajar, ƙara shi ake yi a kwantiragi.

```python
taux = {0: 0, 1: .05, 2: .10, 3: .12, 4: .13, 5: .14, 6: .15, 7: .30}
base = (categories['GROSS'] + CNSS_SAL) * 0.9 * (1 - taux[contract.x_charges])
result = base // 1000 * 1000
```

Jadawalin kansa, wanda shi ne dokar ITS a rukunin DED, hawa-hawa ne, kowane yanki na kuɗin da kasonsa, ba a ɗora kaso ɗaya a kan duka:

```python
result, kasa = 0, 0
for sama, kaso in [(25000, .01), (50000, .02), (100000, .06),
                   (150000, .13), (300000, .25), (400000, .30),
                   (700000, .32), (1000000, .34), (999999999, .35)]:
    result -= max(min(BASE_ITS, sama) - kasa, 0) * kaso
    kasa = sama
```

Gwaji da biro kafin a biya kowa

Mu ɗauki mai kula da sito. Tushensa 160,000, kuɗin daɗewa 8,000, kuɗin ɗaukar nauyin sito 32,000, jimilla 200,000. Yana da mata da ba ta aikin albashi da ɗa ɗaya, nauyin mutum biyu ke nan.

CNSS ɗinsa 10,500 ne, saura 189,500. An rage kashi 10, ya koma 170,550. An sake rage kashi 10 na iyali, ya koma 153,495, aka sauke zuwa 153,000. Yanzu haraji: 25,000 na farko ya ba da 250, na biyu ya ba da 500, 50,000 da ke bi ya ba da 3,000, 50,000 na gaba ya ba da 6,500, sai 3,000 da suka haura 150,000 suka ba da 750. Jimillar haraji 11,000. Abin da ya rage masa 178,500. In ya kawo rasit na 15,000 na tafiya, kuma ya karɓi 20,000 gabanin salla, abin da zai shiga hannunsa 173,500 ne, amma CNSS da haraji ba su motsa ba.

Ka danna Compute Sheet ka duba. In ba ka ga 10,500 da 153,000 da 11,000 ba, kada ka wuce. Ka gwada wasu mutum uku ta wannan hanya: mai albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya haura 500,000, da wanda ya fara aiki a tsakiyar wata, irin waɗanda ake ɗauka lokacin kaka in gyaɗa ta shigo. A wata na farko ka yi lissafin ta tsohuwar hanya da sabuwa gefe da gefe, ka biya da wadda ka tabbatar.

Sai haɗi da littafin kuɗi, bisa lambobin asusu na tsarin SYSCOHADA. Ga mutuminmu, ba tare da kuɗin tafiya da bashi da ANPE ba, asusun 661 yana ɗaukar 200,000, 664 yana ɗaukar kason kamfani 32,800. A ɗaya gefen 431 na CNSS yana karɓar 43,300, 447 na harajin da aka riƙe 11,000, 422 na albashin da ake bin kamfani 178,500. Kowane gefe 232,800. Bashin gabanin salla a 421 yake zaune, daga can ake share shi.

Idan lissafin wata ya fita ba daidai ba

Mu ce an buɗe dokar kuɗin ɗaukar nauyi a watan Maris, wanda ya buɗe ta ya sa ta a REMB maimakon ALW. Mai kula da sito ya karɓi 32,000 ɗinsa cif, don haka ba zai yi ƙorafi ba, kuɗinsa ma ƙaruwa suka yi. Irin wannan kuskure ba ya zuwa da hayaniya, sai ka neme shi. Hanyar gane shi ita ce, kowane wata kafin ka tabbatar da lissafi, ka jera GROSS da CNSS da haraji da NET na kowa kusa da na watan da ya wuce, duk wanda ya motsa ka nemi dalili. Ka kuma tara duk abin da aka biya wanda ba ya cikin GROSS, ka gwada shi da rasit ɗin da ke cikin fayil. A nan za ka ga 32,000 ba su da rasit.

Ga abin da kuskuren ya yi. GROSS ya fito 168,000, CNSS 8,820, BASE_ITS 128,000, haraji 7,390, NET 183,790. Ke nan an biya shi rarar 5,290, wadda 1,680 daga ciki haƙƙin CNSS ne, 3,610 na haraji. Kason kamfani ma ya gaza da 5,248, na ANPE da 320.

Kafin ka gyara komai, ka yi abu uku. Ka adana kwafin rumbun bayanai gaba ɗaya, ka fitar da takardun albashin da ke da kuskuren ka ajiye su yadda suke, sannan ka nemo duk wanda dokar ta shafa. Kuskuren doka ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. In shugabannin sashe biyar ne ke karɓar wannan alawus, biyar ɗin ne ke da matsala, kuma kowa da adadinsa, tunda iyalinsu ba ɗaya ba ne. Sai ka gyara dokar kanta, ka mayar da ita ALW.

Abin da ke biyo baya ya danganta da inda aikin ya kai. In takardun suna matakin daftari, ka sake danna Compute Sheet, magana ta ƙare. In an tabbatar da su amma kuɗi ba su fita ba, ka soke su da Cancel, ka mayar da su da Set to Draft, ka sake lissafi. Ka leƙa littafin kuɗi ka tabbatar rubutun farko ya soke ko an juya shi, in ba haka ba albashin Maris zai zauna sau biyu a 661. Fayil ɗin biya da ka riga ka shirya wa banki ma ka watsar da shi ka fitar da sabo.

In kuɗi sun riga sun fita, to ba a sokewa kuma ba a gogewa. Takardar da ma'aikaci ya karɓa shaida ce, tana hannunsa, kuma dole abin da ke cikin manhaja ya dace da abin da banki ya biya. Odoo tana da Refund, wanda ke fitar da kishiyar takardar, kowane layi da alamarsa a juye. Ka yi shi, sannan ka fitar da sabuwar takarda mai kwanakin Maris. Takardu uku ke nan a watan: mai kuskure, mai soke ta, da ta daidai. A asusun 422 za ka ga an biya 183,790 alhali abin da ya cancanta 178,500 ne, bambancin 5,290 ya tsaya a matsayin abin da kamfani ke bin ma'aikaci. A watan Afrilu ka buɗe layin cirewa na musamman, mai suna a fili cewa gyaran Maris ne, ka sa shi bayan haraji don kada ya taɓa GROSS.

Akwai gajeriyar hanya da mutane ke bi, kuma ita nake so ka guje wa. Sai a ce, tunda 32,000 ne ba a ɗora musu haraji ba, a zuba su cikin kuɗin harajin Afrilu kawai. Mu lissafa. Afrilu zai zama 232,000, CNSS 12,180, wato ƙarin 1,680, wannan ya yi daidai. Amma BASE_ITS zai zama 178,000, haraji 17,250, ƙarin 6,250 ke nan a kan 11,000 da ya saba. Abin da ya kamata a karɓa 3,610 ne. An ci wa mutum 2,640 ba gaira ba dalili, saboda a Maris yawancin kuɗin a yankin kashi 13 suke, a Afrilu kuwa duka sun faɗa yankin kashi 25. Ga mai babban albashi kuskuren yana iya juyawa ta gefen CNSS, in tarin ya haura 500,000 wani ɓangare ya tsere wa kaso. Shi ya sa ake sake lissafa watan da aka yi kuskuren da dokokinsa da albashinsa na lokacin, bambancin kaɗai ake kaiwa wata na gaba.

Kada ma'aikaci ya fara sanin labarin daga takardar Afrilu. Ka kira shi, ka ce Malam, ga takardar da aka ba ka, ga wadda ta dace, ga inda suka bambanta, kuskuren daga ofis ne. Ku rubuta yarjejeniya ya sa hannu. Dokar aiki ta iyakance abin da ake iya cirewa daga albashi, kuma ko ba don doka ba, in kuɗin suna da yawa a raba su wata biyu ko uku shi ne adalci, tunda ba shi ya jawo ba. In kuwa kuskuren ya rage masa kuɗi ne, kada a sa shi jiran ƙarshen wata, a biya shi cikon da zarar sabuwar takardar ta fito.

Saura hukumomi. Harajin da aka riƙe ana kai shi ne zuwa 15 ga watan da ke bi, don haka in ka gano kuskuren Maris kafin 15 ga Afrilu, ka bayyana 11,000 na daidai, ba 7,390 ba, ko da ba ka karɓo bambancin daga ma'aikaci ba tukuna. In sanarwar ta riga ta tafi, ka shigar da ta gyara a kan watan Maris, ka biya cikon ba tare da jira ba, domin tarar jinkiri ƙaruwa take yi da lokaci, kuma kamfani ne ke ɗaukar ta, ba a ɗora wa ma'aikaci. A CNSS ma haka, a gyara albashin da aka bayyana masa daga 168,000 zuwa 200,000, a biya 1,680 da 5,248, da 320 na ANPE.

Bayan haka ka haɗa takardun uku na kowane mutum, da yarjejeniyarsa, da rasit ɗin ciko, da taƙaitaccen bayani mai kwanan wata na abin da aka sauya da wanda ya amince, a fayil ɗin Maris. Ka rufe watan a littafin kuɗi da ranar kullewa. Sannan ka shiga izinin masu amfani da manhajar ka raba aikin: mai shigar da kwanakin aiki da rasit daban, mai taɓa dokoki daban, kuma duk sabuwar doka sai ta wuce gwajin mutum huɗun nan a kwafin gwaji kafin ta shiga lissafin wata.